Wata tara ba aiki: yadda wani akanta ya nemi mafita ta hanyar abokan karatunsa

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa akanta ne, yana da shekara 35 a lokacin. Ya gama jami'a da shekara 11, kuma tara daga cikinsu ya yi su ne a sashen kuɗi na wata masana'anta guda. Aikinsa shi ne shigar da kuɗin da suka shigo da waɗanda suka fita, da ƙirga kayan sito duk ƙarshen wata, da daidaita littafin kamfani da takardar banki. A ƙarshen Janairu masana'antar ta rage ma'aikata, sunansa ya fito a ciki. Haƙƙin sallamar da aka biya shi zai iya riƙe gidansa kamar wata shida idan ya tsuke bakin aljihu.

Burinsa shi ne ya koma ɓangaren binciken kuɗi na cikin gida, wato aikin odita, domin can ne yake ganin akwai gaba. Game da tsohuwar makarantarsa kuwa, yana cikin zaure biyu na WhatsApp: na 'yan ajinsu, mai mutum kusan 90, da na babbar ƙungiyar tsofaffin ɗaliban tsangayarsu, mai mutum ɗaruruwa daga shekaru daban-daban. Shekara huɗu rabonsa da biyan kuɗin ƙungiya, bai taɓa zuwa taron shekara ba, kuma a zaurukan ba ya cewa komai in ban da gaisuwar haihuwa ko ta rasuwa. Daga ajin nasu, mutum biyar ne kawai yake hulɗa da su a kai a kai.

## Fabrairu da Maris: sanarwa a zaure

Abin da ya fara yi shi ne abin da kusan kowa ke yi. Ya sa takardar tarihin aikinsa a zaurukan biyu, ya rubuta cewa an sallame shi, duk wanda ya ji labarin wani aiki ya taimaka. A yini guda ya samu amsa sama da 30. Dukkansu addu'a ce da jaje, kuma babu shakka daga zuciya suka fito. Mutum biyu sun ce za su duba. Zuwa washegari hira ta koma kan wani abu daban, takardarsa ta nutse ƙarƙashin saƙonni. Ya sake sakawa bayan mako uku, amsa ba ta kai goma ba.

Ya juya ga aminansa biyar. Sun tsaya masa tsayin daka, har ɗaya ya ranta masa kuɗi ba tare da ya roƙa ba. Amma biyu daga cikinsu malaman makaranta ne, ɗaya kasuwanci yake yi, ɗaya kuma tare aka sallame su daga masana'antar. Duk gurbin da suka kawo masa, ya riga ya gani, domin inda yake jin labari nan su ma suke ji.

A cikin Maris wani abu ya so ya ritsa da shi. Saƙo ya zo masa daga lambar wani ɗan ajinsu cewa akwai gurbi a wata babbar ma'aikata, amma sai an biya kuɗin fom kafin dare. Abu uku suka tsayar da shi: gaggawar da aka sa, da sunan da ke kan asusun bankin wanda ba na ɗan ajin nasu ba ne, da kuma ƙin ɗaga waya duk lokacin da ya kira. Daga baya ta bayyana cewa an ƙwace wa mutumin lambarsa ne. Wanda ya sanar a zaure cewa yana neman aiki ido rufe, ya nuna kansa ga duk wanda ya samu shiga zauren.

A waɗannan watanni biyu ya kuma aika takardar neman aiki kusan 60 ta intanet. Sau biyu aka kira shi intabiyu, ba a ɗauke shi ba.

## Afrilu: ambulan a taron shekara

Da taron shekara na ƙungiyar ya zo, ya biya bashin kuɗin ƙungiya na shekara ɗaya ya halarta, da ambulan biyar a jaka. Wanda ya sa wa ido shi ne babban baƙon taron, darakta a wani kamfani, wanda ya riga shi gamawa da kusan shekara 20. Bayan jawabi ya bi layi ya gaishe shi.

"Yallabai, ni ƙaninku ne a sashen nan. Aiki nake nema, ga takarduna."

"To, madalla. Ba wa yaron nan, za mu duba."

Mai riƙe wa daraktan jaka ya karɓa ya ɗora a kan wasu ambulan da ke hannunsa, waɗanda mutumin namu ya ƙiyasta sun haura goma. Bai sake jin komai ba.

A makon ne kuma ya rubuta wa wani ɗan ajinsu da ya ji yana aiki a banki, wanda rabonsu da magana tun ranar bikin yaye su. Saƙon farko ke nan bayan shekara 11, kuma layinsa na biyu roƙo ne a sama masa aiki. An karanta, ba a amsa ba.

## Mayu: maganar da ta canja hanya

A farkon Mayu ya kira wata 'yar ajinsu da ke aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani. Ba su saba sosai a makaranta ba, amma sun taɓa yin aikin rukuni tare a shekarar ƙarshe. Ita ce ta fara gaya masa gaskiya.

"Malam, na ga takardarka a zaure sau biyu. Wallahi ban san me zan yi da ita ba. Ka ce kowane aiki. Ni kuma a wurinmu ba a tallata kowane aiki, gurbi ne mai suna. Sannan in na kai ka, sunana na kai. Idan aka tambaye ni ya aikinsa yake, me zan ce? Abin da na sani shi ne kana da ƙoƙari a aji, shekara 11 da suka wuce."

Ta ba shi shawara biyu. Ya daina roƙon aiki, ya koma neman bayani daga mutum ɗaya-ɗaya. Kuma ya nemi hanyar da wani daga cikin tsofaffin ɗaliban zai ga aikinsa na yanzu da idonsa.

Ya zauna ya yi jeri. Ya bi sunayen zauren ajinsu ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da binciken sunan jami'arsu a LinkedIn, inda shafin kowace makaranta ke nuna tsofaffin ɗalibanta da wuraren da suke aiki. A gaban kowane suna ya rubuta inda mutumin yake aiki, da abin da ya taɓa haɗa su, da tambaya guda wadda wannan mutumin zai iya amsawa cikin sauƙi. Duk wanda bai iya cike masa gurbin tambayar ba, ya cire shi. Daga suna kusan 50 aka dawo 22: masu aikin odita, da akantoci a kamfanonin da ke da sito da kaya, da masu ɗaukar ma'aikata.

Ga irin saƙon da ya riƙa aikawa, wannan zuwa ga wani odita da suka zauna ɗaki ɗaya a shekarar farko:

"Salam, mutumina. Ni ne wanda kuka zauna ɗaki ɗaya a shekarar farko, mai gadon bakin taga. An kwana biyu, ina fatan iyali lafiya. Na yi shekara tara ina aikin akanta a masana'anta, an rage mu a Janairu, yanzu ina son komawa ɓangaren odita na cikin gida. Ba aiki nake roƙonka ba. So nake ka ba ni minti 15 a waya ka gaya min abin da kuke dubawa in za ku ɗauki wanda ya fito daga inda na fito. Duk ranar da ta yi maka a makon nan ko na gaba. In kuma ba hali, ba komai wallahi."

Bai ɓoye cewa ba shi da aiki ba, kuma wannan yana da muhimmanci, domin wanda aka kira da sunan zumunci sannan aka ɓullo masa da buƙata a tsakiyar hira yakan ji an yaudare shi. Saƙo uku ko huɗu kawai yake aikawa a mako, don ya samu damar bin kowanne. In mako biyu suka wuce shiru, yakan tuna wa mutum sau ɗaya, daga nan ya ƙyale shi.

## Yuni zuwa Agusta: hira tara da littafin ƙungiya

Daga cikin 22, mutum 14 suka amsa, tara suka ba shi lokaci. Yakan tsaya a kan minti 15 ɗin da ya roƙa sai in mai maganar ne ya ja ta. A ƙarshen kowace hira yana yin tambaya guda: wa kake ganin ya kamata in yi magana da shi bayan kai? Ta haka ya samu ƙarin mutum shida, huɗu daga cikinsu ba ma 'yan makarantarsu ba ne.

Abu biyu suka yi ta maimaituwa a bakin mutanen. Na farko, takardarsa tana ɓoye abin da ya fi iyawa. Ya rubuta cewa yana ƙirga kayan sito, alhali abin da ya yi shi ne gano cewa kayan da ake fitarwa ba sa daidai da takardun fita, ya kuma kawo tsarin sa hannun mutum biyu wanda ya toshe ɓarakar. Tsohon abokin ɗakinsa ya ce masa wannan shi ne ainihin aikin da suke yi kullum, ya mayar da shi layin farko. Na biyu, jarrabawar ƙwararrun akantoci da ya fara ya ajiye a rabi tana rage masa daraja. Ya sake rajista a Yuli, ya rubuta a takardarsa matakin da yake da lokacin da zai zauna na gaba. Duk wanda ya ba shi shawara, yakan koma masa bayan mako biyu ko uku da layi biyu: ga abin da ka ce, ga abin da na yi.

Shawara ta biyu ta 'yar ajin nasu kuwa, dama ce ta kawo kanta. A babban zauren rigima ta tashi kan kuɗin ƙungiya. Shekara uku ba a gabatar da cikakken lissafi ba, wasu sun fara jifan ma'aji da maganganu, shi kuma ya yi fushi ya ce a zo a karɓi littafin. Shugabanni suka nemi mutum uku su duba. Ba a yi rububin aikin ba, domin ba lada sai baƙin jini. Mutumin namu ya miƙa sunansa. Shugabar kwamitin wata ce da ta riga shi gamawa da shekara shida, shugabar sashen kuɗi a wani kamfanin rarraba kaya. Na ukun lauya ne wanda aiki ya yi masa yawa, saboda haka nauyin ya faɗo kan akantan.

Ya nemi takardun banki na wata 36, da littafin ma'aji, da rasidai, da hotunan shaidar biya da mambobi suka riƙa turawa a zaure. Ya jera kowane kuɗi da ya shiga banki a gefe guda, abin da ma'aji ya rubuta a ɗaya gefen, ya bi su wata-wata. Mako shida aikin ya ci. Giɓin da ake ta hayaniya a kai ya rabu gida uku. Kaso mafi girma kuɗi ne da mambobi suka turo daga asusun matansu ko na shagunansu ba tare da rubuta suna ba, sun shiga banki amma ma'aji bai san na wa ba ne, sai mai kuɗin ya ga an rubuta masa bashi ya ɗauka an ci. Sai cajin banki na shekara uku wanda ba a taɓa shigarwa a littafi ba. Sai gudummawa biyu da aka kai wa iyalan mamata hannu da hannu ba rasidi, waɗanda ya tabbatar ta hanyar kiran iyalan. Bayan an cire waɗannan, abin da ya rage ba a gano ba bai kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin shekara ukun ba, kuma ya rubuta shi a fili haka.

Kafin ya miƙa rahoton, ya roƙi shugabar kwamitin su fara zama da ma'aji.

"Yaya, bai kamata ya fara jin wannan a gaban jama'a ba. Akwai kurakurai nasa a ciki, gara ya gani ya kawo bayaninsa mu sa."

Haka aka yi. Rahoton shafi huɗu ne, da shawara uku a ƙarshe: kowane mamba ya samu lamba da zai riƙa rubutawa in zai biya, a daina kashe kuɗi ba rasidi, a riƙa fitar da lissafi duk wata uku. Aka karanta a taron Agusta, rigimar ta kwanta.

A wannan lokacin kuɗin sallamarsa sun ƙare. Abin da ya riƙe shi shi ne ɗan aikin gyara littafi da wani mamba mai ƙaramin kamfani ya ba shi bayan ya ji rahoton.

## Satumba da Oktoba: gurbi biyu

A farkon Satumba tsohon abokin ɗakinsa ya kira shi cewa za a ɗauki odita a wurinsu, kuma ya miƙa sunansa. Ya tsallake tantancewar farko, ya yi jarrabawa, ya je intabiyu. Aka ɗauki wata da ta riga ta kammala jarrabawar ƙwararru kuma ta yi shekara huɗu a aikin. Abokin ya ji nauyi ƙwarai. Mutumin namu ya kira shi a ranar ya yi masa godiya, ya kuma tambaye shi inda ya gaza. Amsar ita ce ya yi rauni a tambayoyin tsara bincike bisa inda haɗari ya fi yawa. Ya ba wannan mako uku yana karatu.

Gurbi na biyu ya zo ta wata hanya da bai zata ba. Ɗaya daga cikin mutum shidan da aka haɗa shi da su, wanda sau ɗaya tak suka yi magana a Yuli, ya turo masa saƙo cewa wani kamfanin sayar da kayan gini yana neman mai binciken cikin gida da ya san harkar sito, kuma za a tallata a mako mai zuwa. Ya nema ta hanyar da kowa ya bi. Da aka buƙaci masu ba da shaida, ya nemi izinin shugabar kwamitin ya sa sunanta. Shugaban sashen kuɗin kamfanin ya kira ta. Daga baya ta gaya wa mutumin namu cewa shugaban bai tambaye ta komai game da makaranta ba. Tambayarsa ita ce ko ta taɓa ganin aikinsa, kuma yaya yake yi in ya gano kuskuren wani. Ta ba shi labarin littafin ƙungiya da zaman da aka yi da ma'aji.

An ba shi takardar ɗauka a ƙarshen Oktoba, ya fara aiki a farkon Nuwamba. Albashin ya gaza na tsohon wurinsa da kusan kashi 10 cikin 100, da sharaɗin za a sake dubawa in ya kammala jarrabawarsa.

## Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Sanarwar zaure ta faɗi ne saboda buƙatar da aka jefa wa mutum 90 ba ta hau kan kowa ba, kowa yana ganin wani zai yi. Kuma ba ta da siffar da za a iya kamawa. Ambulan ɗin darakta ma haka: makaranta ɗaya ta ba shi damar gaisawa, amma daraktan ba shi da abin da zai bambanta shi da sauran masu ambulan. Saƙon da ya aika wa ɗan banki kuwa ya ɗora masa abin da ba ya hannunsa, kuma mutum in an roƙe shi abin da ba zai iya ba, shiru ya fi masa sauƙi a kan ya ce a'a.

Abin da ya faru da aminansa biyar sananne ne a binciken zamantakewa. A 1973 masanin nan Mark Granovetter ya wallafa nazari kan mutanen da suka samu aiki ta hanyar wani da suka sani, a garin Newton kusa da Boston a Amurka. Kusan kashi 17 cikin 100 ne kawai suka ce suna yawan ganin wanda ya ba su labarin aikin. Kusan kashi 56 jefi-jefi suke ganinsa, kusan kashi 28 kuma da ƙyar suke haɗuwa. Mutanen da ya tambaya ba su da yawa, amma dalilin da ya kawo yana da ƙarfi: makusantanka suna yawo ne a inda kake yawo, na nesa kuwa suna jin abin da ba ya zuwa kunnenka. A 2011 Daniel Levin da abokan aikinsa biyu suka sa manyan ma'aikata su nemi shawara daga mutanen da suka yi aƙalla shekara uku ba su yi magana ba, suka tarar shawarar tana da amfani ƙwarai, tana kuma zuwa da sabon abu. Tsohon ɗan aji yana cikin wannan rukuni: ya yi nisa har ya san abin da ba ka sani ba, amma akwai sauran yarda da za ta sa ya ɗaga wayarka.

Sai dai a ganina, labarin gurbi rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne shaida, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Abokan karatu sun san mutumin da ya bar aji, ba su san ma'aikacin da ya zama ba. Mako shidan da ya ba littafin ƙungiya su ne suka samar masa mutum guda mai daraja a fagen wadda za ta iya cewa na gani da idona. Ya dace kuma aikin da ƙungiyar ke buƙata ya zo daidai da sana'arsa. Da kwamitin shirya walima ya shiga, da an san fuskarsa, amma da shugaban sashen kuɗin bai samu amsar tambayarsa ba.

Akwai iyakoki da bai kamata a rufe su ba. Gurbin Satumba ya nuna cewa sa bakin ɗan aji yana kai mutum gaban masu intabiyu ne kawai, ba ya cike masa takardar da ba shi da ita. Hanyar kuma tana cin lokaci: daga jerin sunaye a Mayu zuwa takardar ɗauka wata biyar ne da ɗoriya, kuma kuɗinsa sun ƙare kafin nan. Da ya fara ta tun yana kan aiki, ko tun Fabrairu, da bai shiga wannan matsi ba. Sannan ya fito ne daga babban sashe mai tsofaffin ɗalibai a kamfanoni da dama. Wanda ajinsu mutum 20 ne, ko wanda yawancin 'yan ajinsu suka bar fagen, jerinsa ba zai kai 22 ba, dole ya fi dogara da tambayar nan ta ƙarshen hira, wadda a wannan lamari ma ita ce ta kai shi ga mutumin da ya kawo labarin gurbin da ya samu, mutumin da ba su taɓa zama aji ɗaya ba.